Takardar Umrar ayarinmu: a duba mana kafin a raba wa iyalai

Sani, sakataren ayari: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ga abin da na rubuta don a raba wa gidajen da ke da matafiyi a Umrar wata mai zuwa. Gobe da yamma nake son kai ta a buga, don haka wanda ya ga gyara ya faɗa yau.

"Ana sanar da dukkan maniyyata 43 cewa tashi ranar Alhamis 15 ga wata ne, ƙarfe 01h50, daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai. Mota za ta kwashe mu daga Maraɗi. Masauki: mutum huɗu a ɗaki, maza daban mata daban, ɗaki 11. Kwana 4 a Madina, kwana 8 a Makka. Abinci sau biyu a rana yana cikin kuɗin. Kowa ya zo da fasfo da katin rigakafi. Allah ya sa a yi karɓaɓɓiya."

Na taƙaita ta ne don kada ta gundiri mutane.

Alhaji Ibro, Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Ta yi, Sani. Ni dai na gane, Alhamis muke tashi. Allah ya kai mu.

Hajiya Rabi, Zariya: Sani ɗana, kar ka kai takardar nan bugu tukuna. Ka ga amsar Alhaji Ibro? Shi da ya san boko, ya kuma taɓa tafiya, ya ce Alhamis muke tashi. To in tsohuwar Tibiri ta ji jikanta ya karanta mata "Alhamis", ranar Alhamis da hantsi za ta ɗaura gyale ta zo tasha, alhali jirgi ya daɗe da barin ƙasar. Ƙarfe 01h50 na Alhamis, ai daren da Laraba ta wuce ne, mutane ba su ma yi barci mai nauyi ba. Wanda zai hau wannan jirgi, ranar Laraba ce ranarsa, kuma mu na Maraɗi ranar tamu ta fi haka matsowa.

Lokacin jirgi bai kamata ya zo a layin farko ba sam. Abin da iyali ke son sani shi ne ranar da mutuminsu zai bar gida, da wurin da zai tsaya, da ƙarfe nawa. Ka fara daga jirgin ka yi ta ja da baya. Ayari mai mutum 43, da tsofaffi da akwatuna, ana son ya kasance a filin jirgi awa huɗu kafin tashi, wato wajen goma na daren Laraba. Daga Maraɗi zuwa Yamai kilomita 660 ne ko kusa da haka, ta Gidan Rumji, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Babbar mota da tsayawar salla da cin abinci da shingayen jami'an tsaro, ka ba ta awa goma sha ɗaya ko sha biyu. In mun tashi biyar na asubar Laraba, za mu shiga Yamai wajen la'asar sakaliya. Abin da ya rage mana tsakanin isa da shiga filin jirgi awa biyar ne kacal. Taya ɗaya ta fashe bayan Ƙonni, rabin wannan ya tafi.

Alhaji Ibro, Sabon Gari: Hajiya kin yi gaskiya a kan ranar, na karɓa. Amma awa biyar ai rata ce mai yawa. Mu da ke bin hanyar nan don kasuwa, da asuba muke tashi mu yi la'asar a Yamai, ba yau aka fara ba.

Hajiya Rabi, Zariya: Alhaji, kai kaɗai kake tafiya da ƴar jakarka, in mota ta lalace ka tari wata. Mutum 43 wace mota za su tara a bakin hanya? Kuma tsohon da ya wuni a zaune daga asuba, ƙafa ta kumbura, a ce ya wuce kai tsaye ya kwana a kujerar filin jirgi, ya sake kwana a jirgi. Ni ra'ayina a tashi Talata 13 da asuba, a kwana Yamai, Laraba a huta a yi wanka, a auna kaya a natse.

Sani, sakataren ayari: Hajiya, kwanan Yamai ba ya cikin kuɗin da aka tara. In an ce Talata, ko dai kowa ya ƙara wani abu, ko kowa ya nemi gidan ɗan uwa.

Lawali, Tibiri: Gidan ɗan uwa kam a'a. Yamai ba Maraɗi ba ce, wani zai sauka Harobanda ƙetaren kogi, wani can wata unguwa, ranar Laraba da dare a zo ana neman mutum uku a waya. In za a kwana, a kwana wuri guda.

Amma ni abin da ya kawo ni maganar ɗaki ce. Da ni da surukina, mahaifin maiɗakina, duk muna cikin ayarin. Don Allah kar a haɗa mu ɗaki guda. Shekara goma sha biyu ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ta yaya zan tuɓe riga in kwanta yana gado na kusa? Ba ƙiyayya ba ce, kun san abin.

Inna Zuwaira, Bagalam: Lawali ka yi daidai da ka faɗa. Ni ma ɗiyata ta fari tana cikin tahiyar, ko sunanta ba ni kama wa. A sa ta wani ɗaki kusa da nawa, shi ke nan.

Sani, sakataren ayari: To ni na ɗauka haɗa dangi wuri ɗaya shi ne alheri. A jerin da na fara yi, Lawali da surukinsa ɗaki ɗaya suke, Inna ma da ɗiyarta.

Hajiya Rabi, Zariya: Shi ya sa takardar ke bukatar layi biyu da mutum zai cika ya maido: wanda yake son a haɗa shi da shi, da wanda yake jin nauyinsa. Na biyun a ce a faɗa wa sakatare a keɓe, don ba kowa zai iya faɗa a fili kamar Lawali ba. Akwai kishiyoyi biyu a ayarin nan. Wasu kishiyoyin sun fi son ɗaki guda don kowace ta ga abin da aka saya wa ɗaya, wasu kuma kwana goma sha biyu a ɗaki ɗaya zai ɓata musu ibada. Kar ka yanke musu, ka tambaye su, kowace ita kaɗai.

Sannan lissafinka na ɗaki 11 bai fita ba. Mata nawa, maza nawa?

Sani, sakataren ayari: Mata 25, maza 18. Na raba 43 gida huɗu, ya ba ni ɗaki 11 har da gado ɗaya a banza.

Hajiya Rabi, Zariya: Ka raba su a haɗe, alhali ba a haɗe za su kwana ba. Mata 25: ɗaki shida sun ɗauki 24, saura mace ɗaya, ita ma sai an ba ta ɗaki, bakwai ke nan. Maza 18: ɗaki huɗu sun ɗauki 16, saura biyu, biyar ke nan. Bakwai da biyar, 12. Gado 48 za a biya, mutum 43 za su kwanta, gado biyar babu kowa. In ajans ɗaki 11 ta kama mana, ranar da muka sauka za a tsaya a ƙofar otal da akwatuna ana cacar baki, kuma a irin wannan lokaci ɗakin da za a samu na gaggawa tsadarsa daban. Ka kira su yau ka ji 11 suka kama ko 12, a Madina da Makka duka, don otal biyu ne.

Kuma ba a barin mace ɗaya ita kaɗai a ɗaki na bakwai. Sai a yi ɗaki huɗu masu mutum huɗu, ɗaki uku masu mutum uku. Masu mutum ukun a ba waɗanda ke da larura, irin mai tashi fitsari sau da yawa cikin dare, don banɗaki ɗaya ne a kowane ɗaki, kuma kafin asuba kowa shi yake nema.

Alhaji Mamman, Ali Ɗan Sofo: Salamu alaikum. Ni da iyalina mu huɗu ne, ni da uwargida da ƴaƴana mata biyu. Tun da huɗu ne a ɗaki, me zai hana a ba mu namu? Ko sai na ƙara kuɗi?

Hajiya Rabi, Zariya: Alhaji naku mai sauƙi ne. In an cire ku, mata sun koma 22, ɗaki shida ya ishe su. Maza 17, ɗaki biyar. Da naku, 12 dai. Ba ku ƙara wa ayari ko dala ba, kuma gado huɗu kuka biya, huɗu za ku kwanta. Abin tambaya kawai ƴan matan, ko za su sake da mahaifinsu a ɗaki. Hajiyarka ta fi mu sanin wannan.

Alhaji Ibro, Sabon Gari: To in haka ne ni ma da maiɗakina a ba mu namu. Na lissafa: mata su koma 21, ɗaki shida. Maza 16, ɗaki huɗu cif. Da na Alhaji Mamman da nawa, 12. Ban ƙara ɗaki ba, don haka ban ƙara kuɗi ba.

Lawali, Tibiri: Lissafin ɗakin ya fita, Alhaji, amma na kuɗin bai fita ba. Gado biyar ɗin da babu kowa, dukkanmu za a raba wa kuɗinsu. Kai ka ɗauki biyu daga ciki ka rufe ƙofa, mu kuma mu matsu huɗu huɗu, sannan mu taya ka biya?

Sani, sakataren ayari: A farashin da ajans ta ba mu, ɗaki yana kamawa kusan jika 60 a kwana in an haɗa na Madina da na Makka, wato jika 15 kowane gado. Mutum biyu a ɗaki, kowannensu ƙarin jika 15 a kwana. Kwana 12, jika 180 kowane mutum, 360 su biyu.

Alhaji Ibro, Sabon Gari: Jika 360 a kan gadon da ko na ɗauka ko ban ɗauka ba sai an biya shi? A raba dai, in biya rabi.

Hajiya Rabi, Zariya: Wannan ku maza ku daidaita da shugaban ayari. Abin da nake so a takarda shi ne farashin ɗakin mutum biyu a rubuce, da ranar da za a rufe karɓar buƙata. In ba a rubuta ba, duk mai mata zai zo da irin lissafin Alhaji, kuma daga ma'aurata na huɗu, in an ƙirga da su Alhaji Mamman, ɗaki na 13 ya shigo. Bayan an rufe, a fitar da jerin sunaye ɗaki ɗaki tun muna Maraɗi, kowane ɗaki da babbarsa ko babbansa. Lambar ɗaki sai an isa za a sani, amma abokan kwana a san su tun nan. Wata shekara na ga ɗaki ya rabu biyu a kan na'urar sanyi, ƴan mata biyu na son ta kwana a kunne, tsohuwa ta ƙudundune cikin bargo biyu da hular sanyi tana tari har asuba. Da an tambaya tun gida, da masu gudun sanyi an tara su wuri ɗaya.

Baba Issufu, Ɗan Gulbi: Ni ban gane ba. Tun da an ce daren Laraba za a shiga jirgi, a Yamai za mu ɗaura harami ke nan? Kuma harami a jiki mutum ya kwana huɗu a Madina?

Malam Haruna: A'a Baba, ku kwantar da hankalinku. Madina za mu fara sauka, da kayanku na gida za ku tafi. Sai ranar da za mu bar Madina zuwa Makka za a yi wanka a masauki, a tsaya Zul Hulaifa, inda ake ce wa Abyar Ali, nan bakin gari, a yi niyya. Sani, ka sa wannan a layi ɗaya, don ba Baba kaɗai zai tambaya ba. Waɗanda suka taɓa sauka ta Jidda sun saba da ɗaura harami tun a hanya, za su rikita sabbin.

Maman Nafisa, Sura Bildi: Don Allah ku bar ni in yi tawa tambayar kafin a wuce. Ni ba na cikin tafiyar, mahaifiyata ce, kuma tana da ciwon suga, tana shan magani safe da yamma, lokotoro ya ce kar ta sha shi da yunwa. An ce abinci sau biyu. Wane da wane? Ƙarfe nawa? Kuma daga yaushe ake fara ba su?

Sani, sakataren ayari: Karin kumallo da abincin dare, a otal. Na rana kowa da aljihunsa.

Maman Nafisa, Sura Bildi: A otal. To kafin a kai otal fa?

Hajiya Rabi, Zariya: Ƴata, tambayarki ta fi duk abin da muka faɗa tun safe. Sani, faɗa mana abin da ke kan tikitin: awa nawa za a yi a inda jirgi ke yada zango, kuma yaushe ake sauka Madina?

Sani, sakataren ayari: Zango awa 14. Sauka Madina Juma'a 16 ga wata, 04h20.

Hajiya Rabi, Zariya: To ku duba. An bar Maraɗi asubar Laraba, in ma ba Talata ba. Wunin Laraba a mota, babu abincin ayari. Cikin jirgi za a ba da ɗan abin da ake bayarwa. Wunin Alhamis cur a filin jirgin wata ƙasa, inda ba a karɓar sefa, kuma ruwan gora ma da tsada. Juma'a da asuba a sauka, a yi layin fasfo, a jira kaya, a isa otal da hantsi. Otal kuwa galibi sai bayan azahar ko la'asar suke ba da ɗaki, sai in an biya daren da ya gabata. Karin kumallon ranar ba lallai ya shiga lissafi ba tun da ba mu kwana ba. Ke nan abincin farko da kuɗin ayari ya biya zai iya zama na daren Juma'a. Kwana biyu da wuni tsohuwa mai suga tana riƙe da takardar da ta ce mata abinci yana cikin kuɗi.

Takarda ta faɗi wannan ƙarara: daga barin gida har daren Juma'a kowa da guzurinsa. Dabino, biskit, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, abin da ba ya lalacewa, a jakar hannu ba a akwati ba, don akwati in ya shige a Yamai sai Madina. Magani ma a jakar hannu, cikin kwalinsa, da takardar lokotoro. A canza ɗan kuɗi tun nan, dala ta Amurka ko yuro ƙanana don zango, riyal don ranar sauka. Ruwa ba ya wuce wurin bincike, a riƙe gora babu komai a cika a ciki.

Ke kuma Maman Nafisa, ki koma wurin lokotoro da lokutan tafiyar a rubuce, shi zai faɗa miki yadda za ta sha maganin a waɗannan kwanakin. Kuma ki gaya wa Sani wace ce za ta kula da ita, a haɗa su ɗaki da kujerar mota.

Alhaji Ibro, Sabon Gari: A ƙara da cewa Saudiyya tana gabanmu da awa ɗaya, don masu shan magani.

Malam Haruna: Awa biyu ne, Alhaji. In sha biyun rana ta yi a Maraɗi, biyu ta yi a Makka. Wancan 04h20 agogon can ne, a nan 02h20 ke nan, iyalai su sani kar su yi ta kira suna cewa shiru. Kuma wayar da ba ta kama layin can ba takan zauna a agogon gida. In an ce mota za ta tashi zuwa Makka ƙarfe biyu, mai agogon Maraɗi zai ga sha biyu ya ce da saura. Ni shawarata, duk lokacin da aka rubuta a haɗa shi da salla: ƙarfe biyu, bayan azahar. Salla ba ta rikita kowa a can.

Inna Zuwaira, Bagalam: Abincin dare fa, ƙarhe nawa? Ni in na shiga Harami da la'asar ba ni fita sai an yi lisha. Wancan zuwan, kullum na komo an kwashe kwanoni.

Sani, sakataren ayari: Zan tambaya, Inna. In suna rufewa da wuri, sai a roƙa a ajiye wa masu dawowa bayan isha'i, ko babbar ɗaki ta ɗaukar musu.

Inna Zuwaira, Bagalam: To ni dai da garin kununa za ni, da yaji da kuka. Shinkafarsu kwana ukku take isata.

Hajiya Rabi, Zariya: Garin kunu da yaji ki tafi da su Yaya, ruwan zafi na butar lantarki ya isa. Amma kuka ta miya ce, miya kuwa sai an dafa, kuma otal ba sa yarda da girki a ɗaki. Akwai na'urar hayaƙi a rufi, in ta yi kuka bene duka zai fito. Sani ka rubuta: ba risho, ba tukunya. Goro ma a bar shi gida, duk shekara hukumomin alhazai suna gargaɗi a kansa.

Sani, sakataren ayari: Na kira ajans. Ɗaki 11 suka kama a Madina, 12 a Makka, sun ce za su nemi ƙarin na Madina su ba ni amsa jibi. Abincin dare daga bayan magariba zuwa goma da rabi, don haka Inna za ki same shi in ba ki tsaya kasuwa ba. Karin kumallon Juma'ar sauka ba ya ciki. Ga yadda na sake farkon takardar:

"Barin Maraɗi: Laraba 14 ga wata. A hallara ƙofar gidan shugaban ayari ƙarfe huɗu na dare, kafin kiran asuba. Mota tana tashi da an sallame salla, ba za ta jira kowa ba. A daren wannan Larabar za a shiga filin jirgi a Yamai, ƙarfe goma. Daga barin gida har daren Juma'a 16 ga wata, kowa da guzurinsa."

Ɗakuna da sauran bayani suna shafi na biyu. Zan kuma karanta ta da murya in tura, saboda waɗanda ba sa karatun boko.

Hajiya Rabi, Zariya: Yanzu ta fara zama takarda. A kawo akwatuna tun yammacin jajibiri a ɗaure su a mota, in ba haka ba lodin kaya zai cinye awa guda da asuba. Amma ka rubuta Laraba kamar an gama magana, ni kuwa ban janye Talata ba.

Alhaji Ibro, Sabon Gari: Talata ƙarin kuɗin kwana ne da ci a Yamai, ga na ɗaki na 12 da bai ma tabbata ba. Mutane sun riga sun ƙoƙarta.

Maman Nafisa, Sura Bildi: Ni zan biya wa mahaifiyata na kwana ɗayan, in dai za ta miƙe ƙafa kafin jirgi. Ko a bar tsofaffi su yi gaba ranar Talata da mutum biyu masu ƙarfi?

Lawali, Tibiri: In ayari ya rabu biyu, fasfo a hannun wa zai kasance? Sani, ka dakata da bugun. Shugaba yana dawowa daga Tasawa gobe da azahar, a kai masa maganar Talatar da ta jika 360 ɗin Alhaji tare.

Sani, sakataren ayari: To na dakata har jibi, lokacin ma amsar Madina ta zo. Wanda bai aiko mini da sunan abokin ɗakinsa ba ya aiko kafin isha'in gobe. Zuwa yanzu mutum 19 kaɗai na samu.